Yadda ake karanta kalmomin bincike a YouTube Studio don sanin bidiyon da za a yi gaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tashar girke-girke a YouTube, bidiyo wajen sittin, amma wanda na yi kan wainar shinkafa shi kaɗai ne yake ta kawo min masu kallo. Na shiga Analytics na ga jerin kalmomin da mutane suke rubutawa su same ni, sai dai ban san abin da zan yi da su ba. Ta yaya zan karanta su, in kuma gina wasu bidiyoyin a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kowace kalma da kika gani a wannan jerin shaida ce ta abubuwa uku da suka riga suka faru: wani ya rubuta ta a gurbin bincike, YouTube ya nuna masa bidiyonki a cikin sakamakon, shi kuma ya danna ya kalla. Don haka duk kalmar da ke ciki kina da matsayi a kanta tun yanzu, kuma faɗaɗa irin wannan matsayin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan nemo sabo a wurin da ba a san ki ba. Amma ki riƙe iyakar rahoton tun daga farko, domin yawancin kuskuren karanta shi daga nan yake tasowa. Ba ya faɗa miki ko ke ce ta farko ko ta goma a sakamakon, ba ya faɗa miki mutum nawa ne suka rubuta kalmar gaba ɗaya, kuma kalmar da mutane ke nema amma ba ta taɓa kawo miki kallo ba, ba za ki gan ta a ciki ba ko kaɗan.

Manhajar YouTube Studio ta waya tana nuna 'yan kalmomin da suka fi yawa ne kawai, kuma wannan bai isa aiki ba. Ki buɗe studio.youtube.com a kwamfuta, idan kuma waya ce kaɗai a hannunki, ki buɗe shi a Chrome ki kunna Desktop site; rubutun zai ƙanƙance amma komai zai fito. Ki shiga Analytics, ki danna Advanced mode, ki zaɓi Traffic source, sannan a cikin jerin hanyoyin da suka bayyana ki danna YouTube search. Jadawalin da zai buɗe shi ne rahoton da muke magana a kai. Sukan sauya wa waɗannan maɓallan wuri lokaci zuwa lokaci, amma sunayen nan uku su ne za ki nema. Abin da ya zo miki daga binciken Google ba ya cikin wannan jadawalin, yana ƙarƙashin External, kuma a can ba a nuna kalmomin da aka rubuta.

Kafin ki karanta ko layi ɗaya, ki gyara abu biyu. Na farko shi ne tsawon lokaci. Studio yakan buɗe da Last 28 days, wanda ga ƙaramar tasha ya yi gajarta, domin kalmomi da yawa ba su tara kallon da zai sa su fito ba. Ki mayar da shi Last 90 days, daga baya ki sake dubawa da Last 365 days. Na biyu, ki bar rahoton tasha gaba ɗaya ki buɗe na bidiyon wainar shi kaɗai. Rahoton tasha yana haɗa kalmomin duk bidiyoyi wuri ɗaya, ba za ki san wace kalma ce ta kai mutum ga wane bidiyo ba, alhali duk hikimar wannan aikin tana cikin gwada abin da mutum ya nema da abin da ya tarar. Idan jadawalin ya fito, ki tabbata akwai Views, da Watch time (hours), da Average view duration, sannan ki sauke shi zuwa Google Sheets ta alamar saukewa da ke sama. Yana ba da har layi 500, wanda ya ishi tasha irin taki.

Bari in ƙaddara wasu lambobi don mu yi aikin tare, ke kuma sai ki sa naki a madadinsu. Mu ce bidiyon wainar minti 10 ne, kuma cikin kwana 90 bincike ya kawo masa kallo 4,000. Idan kika tara lambobin da ke gaban kalmomin, kina iya samun 2,600 kacal, ki yi zaton an yi kuskure. Ba kuskure ba ne. YouTube yana ɓoye kalmomin da mutane ƙalilan suka rubuta don kare sirrinsu, saboda haka sauran 1,400 ɗin sun zo ne ta ɗimbin ƙananan jimloli da ba za ki gani ba. Wannan giɓin yana da amfani a sani, domin yana nufin duk wata doguwar tambaya da ta samu ta fito a jadawalin, ko da kallo 60 ne a gabanta, akwai yiwuwar tana da 'yan'uwa a ɓoye da aka rubuta da wasu kalmomin daban.

Aikin farko na gaske shi ne haɗa kalmomi gida-gida, kuma a nan ne mai tashar Hausa yake shan wahalar da ba kowa yake sha ba. Mutanenmu ba sa rubuta abu ɗaya iri ɗaya. Wani zai rubuta yadda, wani yanda, wani ya manne kalmomin wuri ɗaya; yawanci ba sa sa ƙugiya a haruffa saboda madannin wayarsu ba shi da ita, sai gyaɗa ta koma gyada; abin da Bakano ke kira waina, wani masa ya san shi da ita; wanda ya yi boko da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram yana iya rubuta massa, kamar yadda yake rubuta kilichi a wurin kilishi. Rahoton kuwa kowane rubutu layinsa daban yake ba shi. Idan kika bi layi-layi, sai babbar buƙata ɗaya ta tarwatse ta zama ƙananan layuka biyar, ki raina ta. Ki buɗe sabon ginshiƙi a gefen jadawalin, ki riƙa rubuta wa kowace kalma sunan gidanta da hannunki, kamar waina, miya, tanda, fulawa. Ki ware sunan tasharki da sunanki a gefe guda, domin masu rubuta su sun riga sun san ki, ba su ƙara miki sanin abin da baƙi ke nema.

Idan kallo yana ginshiƙin B, awannin kallo suna C, sunan gida kuma yana D, wannan lissafin zai ba ki jimillar kallon gida ɗaya, da kuma matsakaicin mintin da kowane mai kallo ya yi:

```
=SUMIF(D:D,"miya",B:B)
=SUMIF(D:D,"miya",C:C)*60/SUMIF(D:D,"miya",B:B)
```

Kada ki tara matsakaitan lokutan layuka ki raba da yawan layukan, domin layin da ke da kallo 20 zai yi nauyi ɗaya da mai kallo 700, sakamakon ya fito a karkace. Awanni a kan kallo shi ne lissafin da yake daidai.

To, mu ce bayan haɗawa ga abin da ya fito. Gidan waina kanta, wato yadda ake waina da kallo 700, yanda ake waina da 420, yadda ake masa da 310, da wainar shinkafa da 250, ya tashi 1,680, kuma masu zuwa ta nan suna yin kimanin minti 4 da rabi. Gidan miya, wato miyar waina da miyar taushe, ya tashi 400, amma minti 1 da daƙiƙa 10 kawai suke yi. Wainar fulawa ta kawo 220, suna fita bayan daƙiƙa 25. Sinasir da wainar gero sun kawo 150, waina ba yis ta kawo 90, duka da kimanin minti 2. Can ƙasa kuma akwai wata doguwar jimla, me yasa waina take kamawa a tanda, da kallo 60 kacal amma kowa yana yin minti 6.

Wanda ya kalli yawan kallo kaɗai zai ce waina ita ce kasuwa, a sake yin wani bidiyon wainar. A ganina wannan shi ne mafi raunin abin da za ki iya yi da rahoton. Mutanen gidan farko sun nemi waina sun samu waina, sun zauna kusan rabin bidiyon, wanda ga girki na minti 10 abu ne mai kyau. Tambayarsu ta riga ta samu amsa. Bidiyo na biyu mai take iri ɗaya zai je ya yi takara ne da naki na farko a kan masu kallo guda, kuma na farkon yana da tarihin kallon da sabon ba shi da shi. Wannan gidan tsare shi ake yi, a bar shi yana aikinsa.

Gidan miya shi ne ya fi cancantar ki tsaya a kansa. Mutum 400 sun nemi miyar da ake cin waina da ita, YouTube ya ga bidiyonki ya kusa da abin da suke so har ya nuna musu shi, sun kuma yarda sun danna, wataƙila don a hoton bangon akwai kwanon miya a gefen wainar. Da suka shiga sai suka tarar ana jiƙa shinkafa ana maganar markaɗe, suka ja gaba suna neman inda aka sa kabewa da gyaɗa da alayyafo, ba su gani ba, suka fita. Yawan kallo tare da gajeren zama a kan kalmar da ta kusa da batunki alama ce ta tambayar da aka kawo ƙofarki ba a amsa ba. Akwai kuma wata alamar a ciki: da a ce akwai bidiyoyin miyar taushe masu ƙarfi da yawa da Hausa, da wuya bidiyon da miya ta zo a gefensa kawai ya samu kallo 400 a kan kalmar. Wannan zato ne da za ki tabbatar da idonki, kuma zan zo kan yadda ake yi.

Wainar fulawa ta yi kama da miya a lambobi, amma labarinta daban ne. Kalmar waina ce kawai ta haɗa su. Ita abinci ce dabam da ake kwaɓa fulawa a soya shimfiɗe, ba ta buƙatar jiƙo ko jiran kullu ya tashi. Mai nemanta da ya ga shinkafa a daƙiƙun farko ya san ya ɓata hanya, shi ya sa ya fita bayan daƙiƙa 25. Abin da bai kamata ki yi ba shi ne ki cusa wainar fulawa a take ko bayanin tsohon bidiyon don ki ƙara jawo su, domin za ki ƙara yawan masu shiga su fita ne kawai, kuma YouTube da kansa ya bayyana cewa a bincike yana duba dacewar bidiyo da abin da aka nema da kuma yadda masu kallo suka zauna a kansa. Idan kin iya ta, ki yi mata bidiyonta daban. Amma ki san cewa matsayinki a kanta na aro ne, ba kamar na miyar ba wadda masu nemanta masu yin wainar shinkafa ne da gaske.

Ita kuwa jimlar tanda, ina so ki kalle ta ta fuskar lokaci. Kallo 60 sau minti 6 ya ba da minti 360, yayin da kallo 220 na wainar fulawa sau daƙiƙa 25 bai wuce minti 92 ba. Layin da yake can ƙasa ya ninka na wainar fulawa kusan sau huɗu a lokacin kallo. Ki yi tunanin wadda ta rubuta wannan jimlar: kullunta ya tashi, ta ɗora tanda a wuta, ta zuba, ta zo juyawa wainar ta manne ta farfashe, ga mai a hannunta ta ɗauki waya ta rubuta matsalar kamar yadda za ta faɗa wa maƙwabciyarta. Ta zauna minti 6 tana jiran ki ambaci dalilin. Irin wannan mai kallon ita ce take komawa ta danna Subscribe idan ta samu amsa, kuma kamar yadda na faɗa, wannan tambayar tana iya samun 'yan'uwa a cikin 1,400 ɗin da aka ɓoye. Bidiyo na minti 4 ko 5 da ya tsaya kan wannan kaɗai, yadda ake horar da sabuwar tanda da mai, zafin da ya kamata ta yi kafin a zuba, kaurin kullu, da lokacin da ya dace a juya, bidiyo ne da ba ya tsufa.

Sai dai gajeren zama ba kullum yake nufin rashin gamsuwa ba, kuma wannan wuri ne da ake yawan yanke hukunci da gaggawa. Idan a bidiyon naki kin nuna miyar a minti na 8, mai nemanta yana iya tsallakawa can kai tsaye, ya kalli minti ɗaya ya samu abin da yake so ya tafi da farin ciki, rahoton kuma ya rubuta masa minti 1 da daƙiƙa 10, daidai da wanda ya fita da takaici. Yadda za ki bambance su shi ne ki buɗe zanen da ke nuna inda masu kallo suke zama da inda suke fita, wanda yake ƙarƙashin Engagement a rahoton bidiyon. Idan akwai tudu a daidai wurin miyar, mutane suna tsallakowa can ne, kuma bidiyon yana amsa tambayar rabi da rabi. Idan layin gangara kawai yake yi babu tudu, ba su samu komai ba. A hali na farko ki sa babi-babi a bayanin bidiyon don ki sauƙaƙa musu, a hali na biyu sabon bidiyo kawai ne magani. Ƙa'idar babi ita ce na farko ya fara daga 00:00, su kai aƙalla uku, kowane kuma ya kai daƙiƙa 10:

```
00:00 Kayan haɗi
01:30 Jiƙa shinkafa da markaɗe
05:10 Suya a tanda
08:00 Miyar taushe
```

Haka kuma kada ki gina hukunci kan layin da kallonsa bai kai 30 ko makamancin haka ba, domin mutum biyu da suka bar waya tana kunne suka tafi wani aiki sun isa su ɗaga matsakaicinsa. Wannan iyakar tawa ce daga aiki, ba doka ba ce ta YouTube, amma ta hana ni ɓata lokaci sau da yawa.

Yanzu sai tabbatarwa, tun da rahoton ba ya faɗin matsayi. Ki buɗe YouTube a Incognito, domin a asusunki na kullum yana nuna miki abin da ya dace da tarihin kallonki, har ki ga naki a sama ki yi murnar da ba ta da tushe. Ki rubuta miyar taushe, ki duba bidiyo goma na farko a natse. Ki lura da wane harshe aka yi su, shekara nawa suka yi, ko takensu ya ambaci kalmar kai tsaye, ko ana jin muryar mai girkin, ko kuma gajeru ne da ba su faɗi awon komai ba. Idan rabinsu ba miyar ce ainihin batunsu ba, ko tsofaffi ne masu duhun hoto, akwai gurbi. Idan kuwa manyan tashoshi biyar sun yi ta da kyau kwanan nan, sai ki matsa mataki ɗaya ki ƙuntata batun, kamar miyar taushe ta cin waina, wadda ita ce ainihin abin da masu kallonki suka zo nema kuma a nan kike da fifiko. Ko a Incognito ɗin ma sakamakon yana bin ƙasar da kike, don haka abin da kika gani kimantawa ce.

Yayin da kike rubuta kalmar, ki dakata kafin ki danna bincike, ki karanta jimlolin da YouTube yake cikasa miki a ƙasa. Waɗannan daga abin da mutane suke rubutawa suke fitowa, kuma su ne suke cike giɓin da rahotonki ya bari, wato kalmomin da ake nema amma ba ki bayyana a kansu ba. Ki gwada da yadda, ki gwada da yanda, ki gwada da masa a wurin waina, domin kowanne yana iya fito da jeri daban. Google Trends ma yana da zaɓin YouTube Search, inda za ki iya sa Najeriya ki gwada kalmomi biyu ki ga wadda ta fi, sai dai ga kalmomin Hausa masu ƙarancin nema yakan dawo babu komai, kuma rashin fitowar ba ya nufin ba a nemansu. A irin wannan hali rahoton tasharki ya fi shi ƙarfin hujja, domin mutanen da ke cikinsa sun riga sun zo.

Wajen sa wa sabon bidiyon take, ki ɗauko jimlar daga bakin masu nema, ki sa ta a farko. Take yana ɗaukar harafi 100, amma a waya ƙarshensa yakan yanke, don haka Yadda ake miyar taushe ta cin waina ya fi taken da ya fara da gaisuwa ko sunan tasha. Ki zaɓi rubutu ɗaya ingantacce a take, ki ambaci masa a layin farko na bayani cikin jimla mai ma'ana, sauran rubuce-rubucen kuma irin su yanda da massa da gyada ki zuba su a Tags. YouTube ya ce Tags ba su da wani babban tasiri sai a kan kalmomin da ake yawan rubutawa ba daidai ba, kuma wannan shi ne ainihin halin da Hausa take ciki, don haka a wajenmu suna da ɗan amfanin da ya kamata a ɗauka. A cikin bidiyon kuma, ki nuna miyar a gama tun daƙiƙun farko ki faɗi sunanta, domin wanda ya zo ta bincike yana son ya tabbatar nan take cewa bai ɓata hanya ba. Doguwar sallama da godiya ga masu bibiya ki bar su zuwa ƙarshe.

Sannan ki ɗaure sabon da tsohon. Tsohon bidiyon yana samun baƙi kullum, shi ne zai ciyar da sabon a makonninsa na farko. Ki sa sabon a End screen na tsohon, wanda yake fitowa a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe, amma kada ki dogara da shi kaɗai, domin masu neman miya sun fita tun minti na farko, ba za su kai ƙarshe ba. Ki sa mahaɗin a layin farko na bayani, ki sa Card a farkon bidiyon wajen daƙiƙa 30 zuwa 40, lokacin da suke shirin fita, ki kuma tara waina da miya da tanda da sinasir a Playlist ɗaya.

Game da taɓa taken tsohon bidiyon, ina ba ki shawarar taka-tsantsan daga abin da ya same ni. Na taɓa sauya take da hoton bango na wani bidiyo da yake tafiya lafiya a rana ɗaya, don in kama wata kalma ta gefe, kallon bincikensa ya ragu, kuma saboda abu biyu na taɓa a tare ban iya gane wanne ne ya jawo ba. Idan za ki gyara, ki bar jimlar da take kawo kallo 1,680 a inda take, ki ƙara abu ɗaya kawai, misali kalmar masa idan babu ita, ki rubuta ranar a littafi, ki jira kwana 28, sannan ki gwada da kwana 28 da suka gabata. Lambobin Analytics sukan yi jinkirin kwana biyu ko makamancin haka kafin su daidaita, don haka duba su washegari ba ya faɗa miki komai.

Ga tashar girki akwai wani tarko na lokaci da ya kamata ki sa a lissafi. A shekarar 2024 an fara azumi a Najeriya ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris, wato kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 10 ko 11. Idan kwana 90 ɗin da kika zaɓa sun haɗa da azumi, kalmomi irin su kunun gyaɗa da kayan buɗa-baki za su cika jadawalin, haka dambun nama da kilishi a kusa da Babbar Sallah. Wadda ta ga haka ta yi bidiyon bayan Sallah da mako biyu za ta tarar kasuwar ta watse. Ki danna kalmar ki duba zanenta a Last 365 days: idan layin a shimfiɗe yake duk shekara, kamar yadda nake sa ran na tanda zai kasance, ki yi bidiyon yanzu, idan tsauni ɗaya ne a wata ɗaya, ki rubuta ta a kalandarki ta Musulunci, ki saki bidiyon mako uku ko huɗu kafin lokacin ya zagayo, don ya samu ya tara kallon farko kafin neman ya yi yawa. Wannan dalilin ne ma ya sa gwada Maris na bana da Maris na bara yake ruɗarwa, gara ki gwada azumi da azumi ta hanyar Custom.

Da a ce lambobin nan naki ne, da miyar taushe zan fara, sai matsalar tanda bayan mako ɗaya ko biyu, sai sinasir tun da kullunsu ya yi kusa kuma masu nemansa sun zauna minti 2, sannan waina ba yis idan kin san yadda ake tayar da kullu ba tare da shi ba kin kuma gwada da hannunki. Wainar fulawa ce ta ƙarshe. Bayan sabon bidiyon ya yi kwana 28 zuwa 60, ki buɗe rahoton bincikensa shi kaɗai ki duba abu biyu: ko kalmomin miya sun fara bayyana a ƙarƙashinsa da zama mai tsawo, da ko sun ragu a ƙarƙashin tsohon. Idan haka ta faru, kada raguwar ta dame ki, masu neman sun koma inda amsarsu take ne, kuma matsakaicin zaman tsohon bidiyon yana iya ɗan tashi saboda masu fita da wuri sun ragu. Idan kuwa bayan wata biyu tsohon ne har yanzu yake karɓar kalmar, ki duba taken sabon ko ya ƙunshi jimlar yadda ake rubuta ta, ki duba hoton bangonsa a ƙaramin allon waya ko ana gane miya ce, ki kuma duba daƙiƙa 30 na farkonsa a zanen Engagement ko a nan mutane suke zubewa. A rahoton sabon bidiyon za ki tarar da wasu kalmomin da ba su taɓa fitowa a na wainar ba, wataƙila miyar taushe da tuwon shinkafa ko yadda ake gyaran kabewa, sai ki buɗe musu ginshiƙin D ki fara raba su gida-gida kamar yadda kika yi wa na farko.